Yadda ake gano yawan kuskuren da tsarin lambobi zai iya kamawa ko gyarawa

Ɗalibai da yawa sun iya saka bit ɗin fariti, wato ƙarin bit guda da ake saka wa saƙo don kama kuskure, amma da an tambaye su kuskure nawa tsarin zai kama, sai su shiga canki-canka. Amsar kuwa tana cikin lamba guda: mafi ƙanƙantar tazara tsakanin halattattun kalmomin tsarin, wadda ake rubutawa da d. Richard Hamming na Bell Labs ne ya shimfiɗa wannan lissafi a 1950, shi ya sa ake ce mata tazarar Hamming. Ba zan tsaya bayanin mene ne bit ba. Wanda ya zo nan ya san sifili da ɗaya.

Mataki na farko, ka rubuta dukkan halattattun kalmomi, wato waɗanda mai aikawa zai iya turawa. Ka rubuta su ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, kada ka jera su a layi guda, don ido ba ya iya kwatanta gurabe a haka. Ga wanda za mu yi aiki da shi, saƙo mai bit 2 da ake turawa cikin bit 5:

```
00000
01011
10101
11110
```

Bit biyar suna iya ba da kalmomi 32, mu kuwa huɗu kawai muka halatta. Sauran 28 ɗin su ne tarkonmu: duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ta iso, mun san wani abu ya lalace a hanya.

Mataki na biyu, ka ƙirga tazara. Ka ɗauki kalma biyu, ka duba gurbi nawa suka sha bamban. Tsakanin 01011 da 10101, gurbi huɗu na farko duk sun bambanta, na ƙarshe ne kaɗai ya zo ɗaya, tazara 4 ke nan. Abin da ke kayar da sababbi shi ne su kwatanta ta farko da ta biyu, ta biyu da ta uku, su ce sun gama. Kowace kalma sai an gwada ta da kowace. Kalma huɗu na nufin gwaji shida, kuma a nan za ka samu 3, 3, 4, 4, 3, 3. Mafi ƙanƙanta ita ce 3, don haka d = 3. Kada ka ɗauki matsakaici. Wuri mafi rauni a tsarin shi ke yanke hukunci.

Akwai yanke, kuma ina son sa: idan XOR na kowace kalma biyu, wato saka 1 inda suka bambanta da 0 inda suka zo ɗaya, yana ba da wata halattacciyar kalma, to ƙirga ɗaya-ɗayan da ke cikin kowace kalma kawai za ka yi, ban da mai sifili zalla, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Namu ya cika sharaɗin, kuma ƙirgar ta ba da 3, 3, 4. Amma ka tabbatar da sharaɗin tukuna. Tsarin 000, 110, 111 zai ba ka 2 ta wannan yanke, alhali tazarar 110 da 111 ɗaya ce tak. Idan kalmomin sun kai 16, gwaji 120 ke jiranka, gara ka bar wa kwamfuta:

```python
from itertools import combinations
C = ["00000", "01011", "10101", "11110"]
print(min(sum(x != y for x, y in zip(a, b))
          for a, b in combinations(C, 2)))
```

Mataki na uku, ka juya d zuwa amsa. Idan kamawa kawai kake so, tsarin zai kama kuskure har d − 1, domin sai an juya aƙalla bit d kafin wata halattacciyar kalma ta rikiɗe ta zama wata. Idan gyara kake so, ka raba d − 1 gida biyu ka zubar da ragowa. Fariti na yau da kullum, inda ake ƙara bit guda don yawan ɗaya-ɗaya ya rabu biyu daidai, d ɗinsa 2 ne. Yana kama kuskure guda, ba ya gyara komai, kuma bit biyu suka juye tare, zai ce lafiya lau. Shi ne harafin E da kake gani a saitin `SERIAL_8E1` na Arduino. Yana da arha, bit ɗaya a kan takwas, kuma aikinsa daidai kuɗinsa.

Namu mai d = 3 yana kama biyu, ko ya gyara ɗaya. Ka lura da kalmar "ko". A nan ne na fi ganin mutane suna faɗuwa, har da masu cin jarrabawa, don haka mu bi shi a hankali.

An aiko 10101, bit na huɗu ya juye, 10111 ta iso. Tazararta da kalmomin nan huɗu, bi da bi, ita ce 4, 3, 1, 2. Mafi kusa ita ce 10101, mai karɓa ya mayar da ita can, ya kuma dace. Yanzu a ce an aiko 00000, bit biyu na ƙarshe suka juye, 00011 ta iso. Tazararta da 00000 biyu ce, amma da 01011 ɗaya ce kacal. Mai karɓa bai ga abin da aka aiko ba, abin da ya iso kawai yake gani. Idan an saita shi ya yi gyara, zai ɗauka kuskure guda ne, ya mayar da ita 01011, ya miƙa gaba ba tare da ko gargaɗi ba. Kuskure biyu ya koma uku, kuma an buga masa hatimin inganci. Da an hana shi gyara, da ya ga 00011 ba ta cikin jerin, ya nemi a sake aikowa.

Saboda haka dole ka zaɓa tun kafin ka fara. Ƙa'idar haɗa biyun ita ce: don gyara kuskure t, tare da kama kuskure har e, inda e bai gaza t ba, ana bukatar

```
d ≥ t + e + 1
```

Gyara ɗaya da kama biyu a lokaci guda yana son d = 4. Ra'ayina, idan akwai hanyar cewa a sake aikowa kuma ba ta da tsada, ka kama kawai, ka bar gyara. Gyara na wurin da babu wanda za a tambaya ne, kamar bayanan da aka adana.

Mataki na huɗu, idan d ɗinka 3 ne kana son 4, ba sai ka sake gini ba. Ka ƙara bit ɗin fariti guda a ƙarshen kowace kalma:

```
000000
010111
101011
111100
```

Yanzu kowace tazara 4 ce. Ka sake wancan gwajin: an aiko 000000, 000110 ta iso. Tazararta da 000000 biyu ce, da 010111 ma biyu. An yi kunnen doki, babu kalmar da ke tazara ɗaya, sai mai karɓa ya san kuskure biyu ne ya ƙi taɓawa. Dabarar tana ɗaga d ne kawai idan d bai rabu biyu daidai ba. Ka ƙara fariti a kan tsari mai d = 4 irin wannan, sifili za ka yi ta jerawa a banza. Da wannan dabarar ta ɗaga d daga 3 zuwa 4 ake mayar da tsarin Hamming mai bit 7 da saƙo 4 ya zama mai bit 8, kuma irin wannan ne ke cikin RAM mai ECC, wato mai gyara kuskure, inda bit 64 na bayanai ke tafiya da bit 8 na bincike.

Daga nan sai gwaji. Ka juya kowane bit ɗaya-ɗaya ka ga an gyara, ka juya bibbiyu ka ga an ƙi karɓa. Idan layinka yana lalata bit da yawa a jere lokaci guda, wannan lissafi bai ba ka tabbacin komai ba fiye da d − 1, sai ka koma ga CRC, wani tsarin bincike da ya ƙware wajen kama kurakurai a jere.