Yadda ake haɗa fallen tafiyar ɗan gem daga hoto guda ɗaya

Fallen tafiya hoto ne guda da ake jera firam-firam a cikinsa, wato zanukan da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya har a ga ɗan gem, mutumin cikin wasan bidiyo, yana tafiya. Sau ɗaya tak ake zana ɗan gem daga hoto. Bayan nan sai a ajiye hoton gefe, kowane firam na tafiya ya fito daga wannan zane na farko. Wanda ya riƙa komawa ga hoton yana sake zana kowane firam, zai ƙare da mutum takwas masu kama da juna, kai na kumbura yana motsewa, riga na sauya launi.

Fara da hoton da ya nuna mutum tun daga kai har ƙafa, daga gefe, hannuwa ba su manne da jiki ba. In hoton wani ne, nemi izininsa tukuna. Buɗe manhajar zanen fiksel ta Aseprite, ko LibreSprite wadda kyauta ce, ka yi fili mai fiksel 64 a tsaye 64 a kwance. Sa hoton a leyar ƙasa, wato shimfiɗar zane ta can ƙasa, ka dusashe shi, ka yi zane a samansa.

Kada ka bi awon jikin hoton sau da ƙafa. Tsayin babban mutum ya kai kamar kansa bakwai da rabi, don haka a zane mai tsayin fiksel 56 kan ba zai wuce fiksel 8 ba, ido ma ba zai samu wurin zama ba. Ba kan fiksel 14. Daga hoton, ɗauki abin da ake gane mutumin da shi kawai: askinsa, tabarau in yana sawa, yanayin kafaɗa, launin tufafi.

Sai ka kulle launuka. Zaɓi 16 ko ƙasa da haka, uku ga fata, uku ga riga, uku ga wando, saura ga gashi da takalmi da layin gefe, sannan ka mayar da fayil ɗin zuwa `Indexed`. Daga nan baƙon launi ba ya shigowa. Ka yanke inda haske yake fitowa, misali sama ta gaba, kada ya sauya. Raba zanen leya-leya: kai, gangar jiki, hannu biyu, ƙafa biyu. Hannu da ƙafar da ke can nesa, ba su launi mai ɗan duhu, in ba haka ba mai kallo ba zai gane wace ƙafa ce a gaba ba.

Tafiyar kanta firam takwas ce, huɗu ga kowane taku. A na farko ƙafafu a buɗe suke, diddigen gaba ya taɓa ƙasa. A na biyu nauyi ya sauka kan ƙafar gaba, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, jiki ya yi ƙasa da fiksel 1. A na uku ƙafar baya tana wuce ta tsaye. A na huɗu mutum ya ɗago kan yatsu, jiki ya yi sama da fiksel 1. Na biyar zuwa na takwas maimaici ne, an musanya ƙafafu. Hannun dama yana gaba lokacin da ƙafar hagu take gaba. Kan kuwa kwafo shi kake yi kana ɗaga shi ko sauke shi, ba a sake zana shi. Kunna `Onion Skin` don ka riƙa ganin inuwar firam ɗin baya.

Wurin da na fi so ka natsu shi ne ƙafar da ke ƙasa. A ce tazarar taku fiksel 16 ce. A firam na farko tana fiksel 8 gaban tsakiyar jiki, a na biyu 4, a na uku daidai tsakiya, a na huɗu 4 a baya, a na biyar 8 a baya. Kowane firam tana ja da baya da fiksel 4, ba ƙari ba ragi. In kowane firam yana ɗaukar milisakan 100, gudun ɗan gem a cikin wasa dole ya zama fiksel 40 a daƙiƙa. Ya fi haka, za ka ga yana sulɓi kamar mai tafiya a kan santsi. Ya gaza, ƙafafu na sauri jiki na baya.

Fitar da fallen ta `File > Export Sprite Sheet`, ko da umarni:

```
aseprite -b tafiya.aseprite --sheet tafiya.png --sheet-type horizontal
```

Zai ba ka hoto mai faɗin 512 da tsayin 64. Kada ka kunna `Trim` in injin da kake haɗa gem da shi, kamar Godot ko Unity, yana yanka fallen gida-gida daidai wa daida, domin girman firam zai sauya, ɗan gem ya riƙa karkarwa. In zanen ya fito dishi-dishi, sa tacewa a `Nearest` cikin Godot, ko `Point (no filter)` cikin Unity. Tafiyar hagu za ka iya samunta ta juya fallen, sai dai jakar da ke kafaɗar dama za ta koma hagu, hasken ma ya juya, don haka mai irin wannan kaya sai an zana masa layi na biyu.