Kunne ba ya rubuta Turanci

Na gaji da jan layi a ƙarƙashin kalmomi uku a takardun ɗalibaina: their, there da they're. A bakin Bature sautinsu ɗaya ne. Mu a Hausa abin a juye yake, garin da ake zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, baki ne ke raba su. A Turanci kuwa baki ke haɗawa, alƙalami ya raba.

Ni musanya nake yi. Ka cire kalmar ka sa our, in jimlar ta zauna daidai to their ce, ta mallaka: "their house" ta koma "our house". In they are ce ta shiga, rubuta they're. In here ta dace, there kake nema, ga ma here ɗin a cikinta.

Amma kuskuren da ya fi ƙona mini rai nawa ne. Da na gama karatu na rubuta wa wata makaranta takardar neman aikin koyarwa, na buɗe da "The Principle". Aikin koyar da Turanci fa! Shugaban makaranta principal ne, principle kuwa ƙa'ida ce. Kwamfuta ba ta ja mini jan layi ba, don duka biyun kalmomi ne na gaske, ita kuma ba ruwanta da abin da kake nufi. Ba a kira ni ba. Saboda haka in na ji yaro yana cewa "ai wayata ba ta nuna kuskure ba", raina ɓaci yake. Wayar ce za ta zauna maka jarrabawa?

Sai wanda ya ji kalma, ya duba ƙamus a harafi ɗaya, ya ce babu ita. Malam, sautin farko yana da riguna da yawa. Abin da ka ji kamar n yana iya farawa da kn ko gn, r da wr, f da ph, s kuma da c ko ps. A ce ka ji mai koyar da yin burodi ta ce "nid" game da ƙullun fulawa. Ka buɗe need, ka ga buƙata ce, ba ta shafi murza ƙullu ba. Kada ka tsaya nan. Koma kn, za ka tarar da knead, wato murzawa. Karanta jimlar misalin da ke ƙasanta kafin ka kwafa. Ni ina da ɗan littafi da nake rubuta irin waɗannan tagwaye, kowace da jimlar da na tsince ta a ciki.

Sauran ƙanana ne. It's na nufin it is ko it has, its ta mallaka ce. Weather yanayi ne, whether kuma "ko". Too mai nufin "fiye da kima" ita ce mai o biyu, ba to mai o ɗaya ba.