Shawara ga Masu Koyon Jamusanci: “auf den Tisch” ko “auf dem Tisch”?

Kuskuren da na fi gani wajen masu koyon Jamusanci shi ne ɗaukar cewa duk inda aka sami motsi a jimla, dole a yi amfani da “Akkusativ” bayan kalmomin nan tara: an, auf, hinter, in, neben, über, unter, vor da zwischen. Motsi kaɗai ba ya yanke hukunci. Abin dubawa shi ne ko abin ya bar wani wuri ya nufi wani.

Ku duba “Ich laufe im Park”. Mai maganar yana gudu, amma duk gudun nasa a cikin lambun yake yi, saboda haka jimlar tana amsa tambayar “wo?”, wato “a ina?”, kuma “im” taƙaitawar “in dem” ce, wato “Dativ”. Idan kuwa daga waje ya taho ya shiga, tambayar ta koma “wohin?”, wato “zuwa ina?”, sai a ce “Ich laufe in den Park”, wato “Akkusativ”.

Haka abin yake da littafi da tebur: wanda ya ɗora littafi zai ce “Ich lege das Buch auf den Tisch”, amma da zarar littafin ya tabbata a wurin, sai a ce “Das Buch liegt auf dem Tisch”. A ganina, gara a haddace legen tare da liegen tun farko.

Sai dai a kula, wannan gwajin na wurare ne kawai. A “Ich warte auf den Bus”, ma'ana ina jiran bas, babu inda aka nufa, aikatau warten ne ya zo da “auf” da “Akkusativ”, don haka tare ake haddace su.