Yadda ake zama da lebul kodineta a tsara kwasa-kwasai har zuwa kammala digiri

Yawancin ɗaliban da nake gani a jami'o'inmu na Gusau da Birnin Kebbi da Aliero ba sa zuwa wurin lebul kodineta, wato malamin da sashe ya ɗora wa kula da ɗaliban aji ɗaya, sai don ya sa musu hannu a fom ɗin rajista. A yi layi a bakin ofis, a miƙa takarda, ya rattaba hannu, a fita. Sai an kai aji huɗu, zango na biyu, sannan yaro ya gano cewa kwasa-kwasan da suka rage masa sun fi abin da doka ta yarda a yi wa rajista a zango ɗaya. A lokacin babu abin da kodineta zai iya yi masa, sifil oba, wato ƙarin shekara bayan 'yan ajinsa sun gama, ta riga ta tabbata. Abin da ke ba ni takaici shi ne, da yawansu ba rashin ƙoƙari ne ya tsayar da su ba, lissafi ne wanda da an yi shi a farkon aji uku da an kuɓuta.

Kafin ka je, ka san dokoki uku da komai ya rataya a kansu. Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ce mai digirin shekara huɗu ya ci aƙalla yunit 120, wato jimlar nauyin kwasa-kwasan da ya ci, wanda ya shigo kai tsaye aji biyu kuma aƙalla 90, amma sashenka na iya neman fiye da haka, kuma lambar sashenka ce za a kama ka da ita. Ta biyu, a zango ɗaya ba a yin rajistar ƙasa da yunit 15 ko sama da 24. Ta uku ita ce wadda ake mantawa: kwas yana da zangonsa. Wanda ka faɗi a zango na biyu, sai wani zango na biyun ya zagayo za ka sake shi. Ba za ka iya jawo shi zangon farko don kana da sarari ba.

Sai kayan da za ka riƙa. Ka tafi da duk fom ɗin rajistarka tun daga aji ɗaya, da sakamakon kowane zango a buge a takarda, da littafin jagora na sashe na shekarar da aka ɗauke ka. Kada ka dogara da waya. Sabis yakan ƙi a cikin ofis, kuma malami ba zai zauna yana jan allo da yatsa yana nemo maka maki ba. Kuɗin hoton takardun nan bai kai na kati ɗaya da kake sawa ba. Maganar littafin shekararka kuwa da dalili: NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, a ƙarshen 2022, kuma wasu kwasa-kwasai sun canza lamba ko nauyin yunit. Idan ka ari littafin wanda ya riga ka ko wanda ke bayanka, za ka iya tsara kanka a kan manhajar da ba taka ba.

Daren da za ka je, ka ɗauki takarda ɗaya ka ja layi ka raba ta gida-gida, kowane zango da ya rage maka gida ɗaya. A kowane gida ka rubuta kwasa-kwasan dole da yunit ɗinsu, sannan na zaɓi. A ƙasa ka jera duk kari obar da kake da ita, wato kwas ɗin da ka faɗi ba ka sake ci ba, kowace da zangonta a gefe. Da fensir za ka rubuta, domin za a goge. Ni a wurina ɗalibin da ya shiga ofis babu wannan takarda bai zo neman shawara ba, sa hannu kawai ya zo karɓa.

Lokacin zuwa ma ka zaɓa. Makon da aka buɗe rajista da makon da za a rufe, ofishin cike yake, malamin kuma yana da darussansa da takardun da yake dubawa. Ka same shi ka ce, "Malam, don Allah ina son minti ashirin a duk lokacin da ka samu sarari, ina son mu duba abin da ya rage mini kafin in cike fom." Ka je kafin ka danna komai a fotal, ba bayan ka gama ba.

Da kun zauna, abu na farko shi ne ku daidaita takardarka da tasa. Ka roƙe shi ya buɗe kundin sakamakon ajinku, ku bi kwas bayan kwas. Akwai yunit ɗin da ka yi wa rajista, akwai waɗanda ka ci, kuma na biyun ne ake ƙirgawa wajen yaye ɗalibi. A nan ake gano kwas ɗin da ka rubuta jarrabawarsa amma gurbin makinsa babu komai. Gurbin da babu komai ba ci ba ne. Idan an same shi, daga ofishin nan ka wuce wurin jami'in jarrabawa na sashe, ka rubuta takardar koke, tun malamin da ya koyar da kwas ɗin yana nan kuma takardun jarrabawar ba su yi nisa ba.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. Mu ɗauki ɗaliba mai karanta Kimiyyar Sinadarai da za ta shiga aji uku. Nauyin da zan sa misali ne, ke ko kai sai ka sa na sashenku. Zango huɗu suka rage mata. A zangon farko na aji uku kwasa-kwasan dole yunit 18 ne. Zango na biyu na SIWES ne, za ta tafi koyon aiki wata shida. A aji huɗu zangon farko yunit 17 ne, zango na biyu kuma 18: na dole 16 har da furojet, sai kwas na zaɓi mai yunit 2.

Tana ɗauke da kari oba huɗu. PHY 101 mai yunit 2 na zangon farko ne. Sauran ukun duk na zango na biyu ne: MTH 102 mai yunit 2, da kwasa-kwasan aji biyu guda biyu, ɗaya mai 3 ɗaya mai 2. Jimlarsu 7.

A idonta babu matsala. Shekara biyu cur suka rage, me yunit 9 za su yi mata? Amma dubi gidajen takardar. Kari obar zango na biyu gida biyu kaɗai za ta iya shiga, kuma ɗaya daga cikinsu SIWES ya cinye shi, domin a sassa da yawa ba a yarda a haɗa koyon aiki da wani kwas ba, tunda ba ta cikin makaranta balle ta halarci darasi. Saboda haka duk yunit 7 ɗin sun faɗa zangon ƙarshe. 18 a tara da 7 ya zama 25. Yunit ɗaya tak ta haura 24. Kuma tunda kari oba ake fara yi wa rajista kafin sabon kwas, wani kwas na aji huɗu ne zai faɗo ƙasa, ya jira zango na biyu na baɗi. Shekara guda ke nan saboda yunit ɗaya: sabon kuɗin rajista, sabon kuɗin haya, kuɗin mota daga gida, ga 'yan ajinta sun tafi bautar ƙasa.

Idan ta kawo wannan lissafi gaban kodineta a farkon aji uku, akwai mafita. Tambayar da za ta yi ita ce, "Malam, kwas ɗin zaɓin nan na zangon ƙarshe, dole ne shi ɗin zan yi, ko yawan yunit na zaɓi ake buƙata in cika? Idan na ɗauki wani mai yunit 2 a wannan zangon, zai tsaya a madadinsa?" Idan ya ce zai tsaya, sai zangon farko na aji uku ya zama 18, da PHY 101 mai 2, da na zaɓi mai 2, wato 22. Zangon ƙarshe kuma ya sauko zuwa 16 da 7, wato 23. Ta shiga ƙarƙashin 24. Wannan amsa ba ta cikin fotal, abokan aji ma ba su san ta ba, sai wanda ke riƙe da ƙa'idar sashe. Idan kuma ya ce ba zai tsaya ba, ta tambaye shi ko akwai hanyar rubuta takardar neman ƙarin yunit ga ɗalibin shekarar ƙarshe, ta hannun wa take bi, kuma yaushe ake rubuta ta. Kada ta ɗauka za a ba ta. Ta ji daga bakinsa.

Ko an samu 23 ɗin, ta san abin da ta ɗauka. Zangon ƙarshe babu wani a bayansa, duk kwas ɗin da ta faɗi a ciki ya tsayar da ita, ga furojet yana cin lokaci. Don haka ina ba da shawara a gama babin farko da na biyu na furojet tun zangon farko, a bar wa MTH 102 wuri. Sannan ta zaɓi kwas ɗin zaɓin da za ta iya ci, domin a wurare da yawa da zarar ka yi masa rajista ka faɗi, ya zama bashi a wuyanka kamar na dole.

Akwai tambaya ta biyu da dole ta fito a zaman nan: cikin kwasa-kwasan da ta faɗi, akwai wanda yake sharaɗi ne ga wani na gaba? Idan kwas ɗin aji biyu mai yunit 3 ɗin nan sai an ci shi ake shiga wani na aji huɗu zangon farko, to duk lissafin ya canza, tunda ba za ta sake shi ba sai bayan wancan zangon ya wuce. Wani sashen yana tsananta wannan, wani ya bar ka ka haɗa su. Gara ta sani yanzu, ta gaya wa iyayenta gaskiya da wuri. Haka wanda kari obarsa ta tsohuwar manhaja ce, ya tambayi wane kwas ne ya maye gurbinta, da wace lamba zai yi rajista.

Kafin ka tashi, ka maimaita masa abin da kuka tsayar, zango bayan zango, ka gyara takardarka a gabansa, ka roƙe shi ya sa hannu da kwanan wata a ƙasa. Kodineta yana iya canzawa kafin ka gama, kuma "Malam wane ya ce mini" ba hujja ba ce a gaban sabo.

Sauran mai sauƙi ne. Ka cike fotal daidai da takardar, ka buga fom, ka duba lambar kowane kwas harafi-harafi, domin jarrabawar kwas ɗin da ba ya cikin fom ɗinka ba ta da sakamako. Ka kai a sa hannu, ka ajiye kwafi. Idan jadawalin darussa ya fito ka ga kari obarka ta yi karo da wani kwas, ka koma wurinsa kafin a rufe lokacin ƙari da ragi. Duk sanda sakamako ya fito, ka ɗauko takardar ka sake tara gidan zangon ƙarshe, ka ga ko har yanzu yana ƙasa da 24.