Wasan kwaikwayon fuska don yaron da ba ya iya faɗar abin da ke ransa

Da farko zana fuskoki 4, kowacce a katinta: murna, fushi, tsoro, baƙin ciki. Kada su wuce haka, yawa na rikita yaro.

Ke za ki fara. Ɗauki kati ɗaya a ɓoye, ki kwaikwaya ba magana: ki tsuke gira, ki dunƙule hannu, ki buga ƙafa. Ya canka. In ya ce "baƙin ciki" alhali fushi ne, kada ki ce ya yi kuskure. Tambaye shi me ya gani a fuskarki, domin waɗannan biyun sukan cakuɗe wa yara.

Sai ku yi musaya.

Kafin barci, shimfiɗa katunan ya nuna nasa na yau. In kullum murna yake nunawa, wataƙila yana son faranta miki ne; fara nuna naki tukuna.