Babi na Bakwai: Biyan Kuɗin Kwangilar Gini Kashi-Kashi, da Kuɗin Riƙo

Babu mai gini da zai damƙa wa ɗan kwangila kuɗin aiki gaba ɗaya tun ba a haƙa harsashi ba. Shi ma ɗan kwangila ba zai iya yin gini da aljihunsa har ya gama sannan a biya shi ba, balle a Legas inda farashin siminti da rodi ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya sa ake biya kashi-kashi: a yi aiki, a auna, a biya gwargwadon abin da aka yi. Amma a kowane biya, mai gini yakan riƙe wani ɗan kaso, ba ya sakinsa sai aiki ya kammala kuma ya karɓe shi. Wannan shi ne kuɗin riƙo, wanda mutanen wurin gini ke ce wa ritenshan. A yawancin kwangilolin gini a Nijeriya kashi 5 cikin 100 ne, wasu kuma sukan kai kashi 10.

Kuɗin riƙo ba haraji ba ne, ba kuma ragi ba ne. Kuɗin ɗan kwangila ne, ya riga ya yi aikinsu, an dai ajiye su a hannun mai gini a matsayin jingina, don idan aibi ya fito a ginin ya dawo ya gyara. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu ƙananan kwangila a Agege da Mile 12 da Idi-Araba sukan bar waɗannan kuɗi su salwanta, ba don an hana su da ƙarfi ba, sai don ba su rubuta ba, ba su kuma san ranar da ya kamata su nema ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa rabin ribar mutum ke nan.

Abin da za a rubuta kafin a fara

Kafin a sa diga a ƙasa, takardar yarjejeniya ta faɗi abu huɗu ƙarara: kaso nawa za a riƙe, yaushe za a riƙa auna aiki, wa zai auna, da kuma tsawon lokacin jiran gyara bayan an miƙa gini. Lokacin jiran nan yakan kasance wata 6, a manyan ayyuka kuma wata 12. Awon aiki ana yinsa ko dai ƙarshen kowane wata, ko kuma idan an kai wani mataki, kamar gama harsashi, kai bango linta, zuba dakin, wato kankaren saman bene, da buga kwano. A babban aiki kwantiti sabeya ne ke aunawa, akitek ko injiniya ya sa hannu a takardar shaidar biya. A ƙaramin aiki, ko da injiniya ɗaya ne, a ambaci sunansa a takarda.

Yadda ake lissafin

Mu ɗauki wani ɗan kwangila da ya karɓi ginin jerin shaguna a Agege daga hannun wani Alhaji, a kan naira 20,000,000. Sun yarda da riƙon kashi 5 cikin 100, da jiran wata 6.

Ƙarshen watan farko ya gama harsashi, an zuba kankaren daɓe. Injiniya ya auna, ya ce aikin ya kai naira 5,000,000. Kashi 5 cikin 100 na wannan shi ne naira 250,000. Hanya mai sauƙi ta gano shi ita ce a raba kuɗin gida 20, domin kashi 5 cikin 100 daidai yake da ɗaya bisa ashirin. To, an cire naira 250,000, an biya shi naira 4,750,000.

Biya na biyu shi ne inda ake yawan ruɗewa, don haka mu tsaya a kansa sosai. Ba a lissafa aikin watan nan shi kaɗai. Ana komawa ne a auna dukan abin da ke tsaye a filin tun daga ranar farko, a cire riƙo daga jimlar, sannan a cire kuɗin da aka riga aka biya. Amfanin yin haka shi ne, idan an yi kuskuren awo a watan jiya, awon wannan watan zai gyara shi da kansa, ba sai an yi ta tone-tone ba.

Ɗan kwangilar nan ya rubuta cewa aikinsa ya kai naira 12,000,000. Da injiniya ya zo, sai ya amince da naira 11,000,000 kawai. Dalili kuwa shi ne, a cikin lissafin akwai simintin da rodin da aka biya kuɗinsu amma suna can shagon dila, ba su iso filin ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, kayan da aka sauke a wurin gini aka adana su da kyau ana iya sa su a lissafi idan yarjejeniya ta yarda, amma kayan da ba su zo ba, ba a biyan su. Injiniyan bai zalunce shi ba. Kuɗin za su shigo a awo na gaba.

Ga lissafin:

Jimlar aiki zuwa yau: naira 11,000,000
A cire riƙo, kashi 5 cikin 100: naira 550,000
Abin da ya rage: naira 10,450,000
A cire abin da aka biya a baya: naira 4,750,000
Abin da za a biya yanzu: naira 5,700,000

A dubi layi na huɗu da kyau. Abin da ake cirewa shi ne kuɗin da suka shiga hannu, wato naira 4,750,000, ba ƙimar aikin watan farko ba, wadda take naira 5,000,000. Idan akawun mai gini ya cire 5,000,000, to sakamakon zai zama naira 5,450,000, an ci wa ɗan kwangila naira 250,000 ke nan. Me ya faru? An riƙe kuɗin watan farko sau biyu: sau ɗaya a cikin 550,000, sau ɗaya kuma a wurin cirewa. Wannan kuskure yana faruwa ko babu mugun nufi, kuma akwai hanyar kama shi nan take. Ka haɗa duk abin da aka biya ka da abin da aka riƙe. Dole su ba ka jimlar aikin da aka auna. A nan, 4,750,000 da 5,700,000 da 550,000 sun ba da 11,000,000 cif. In ba su cika ba, akwai gyara, kuma a yi shi kafin ka sa hannu.

A biya na uku an buga kwano, an yi fulasta, aiki ya kai naira 18,000,000. Riƙo ya zama naira 900,000, an biya naira 6,650,000. Mai karatu ya gwada wannan a takardarsa ya gani ko ya fita.

Ranar miƙa gini

Da aiki ya kammala, jimla ta kai naira 20,000,000, riƙo kuma naira 1,000,000. Abin da aka saba a yawancin yarjejeniyoyi shi ne a saki rabin riƙon a ranar da aka shaida gini ya kammala har ana iya amfani da shi, rabin ya jira ƙarshen lokacin gyara. Saboda haka za a bar naira 500,000 a hannun Alhaji. Daga 19,500,000 a cire 17,100,000 da aka riga aka biya, biyan wannan rana naira 2,400,000 ne.

Amma akwai abin da ya fi wannan biya muhimmanci a ranar, wato takardar shaidar kammala aiki mai ɗauke da kwanan wata da sa hannu. Daga wannan rana ake fara ƙirga wata shidan. Wanda ya miƙa mukulli da baki kawai, bayan wata shida idan ya zo, ana iya ce masa ai ba a karɓi aikin ba tukuna. Neman takardar ba rashin kunya ba ne, ana yinsa cikin ladabi:

"Ranka ya daɗe, ga mukullai. Ina roƙon injiniya ya rubuta mana cewa yau aka karɓi aiki, ya kuma jera abin da ya rage in gyara."

"To Malam, ba ka yarda da ni ba ne?"

"Na yarda ƙwarai, Alhaji. Rai ne ba a hannunmu yake ba, kuma takardar ta tsare mu duka biyu."

A ranar a zagaya ginin tare, a rubuta ƙananan abubuwan da suka rage, kamar ƙofar da ba ta rufuwa daidai ko fentin da bai ci ba. Kowa ya riƙe kwafi.

Watannin jira

A Legas damina ce ke tona asirin gini. Idan an miƙa shagunan a watan Nuwamba, wata shida zai cika a Mayu, lokacin ruwa ya kankama, rufin da zai yi yoyo ya fara nuna kansa. Shi ya sa mai gini mai wayo yakan so lokacin jiran ya ratsa damina, kuma yana da gaskiyarsa.

Abin da ke wuyan ɗan kwangila shi ne aibin da ya fito daga aikin hannunsa ko daga kayan da ya sa: yoyon kwano, fulastar da ta ɓare, tayil da ya tashi, bututun da ke ɗiga a mahaɗa. Abin da 'yan haya suka ɓata, kamar fasa bango don sa na'urar sanyaya ɗaki ko karya makulli, ba nasa ba ne. Idan aka sanar da shi aibi ya ƙi zuwa, mai gini yana iya kiran wani ya gyara, ya cire kuɗin daga riƙon. A ganina zuwa da wuri ya fi, domin gyaran da birkilanka zai yi maka da sauƙi, baƙo zai caje shi da tsada, kuma daga kuɗinka za a biya.

Mako biyu kafin wa'adi ya cika, ka rubuta wa mai gini da injiniya, ka nemi ranar dubawa ta ƙarshe. In an duba an gamsu, a ba da takardar shaidar an yi gyara, a saki naira 500,000. Kada ka bari abin ya ja, domin kuɗin da ke kwance darajarsu raguwa take yi, kuma yawanci ba a ƙara komai a kansu.

Wata magana a gefe: idan ka ba kafinta ko mai walda wani yanki na aikin, kana iya riƙe masa kashi 5 shi ma, muddin kun yi haka da shi tun farko. Amma leburan da ake biya kullum, ba a riƙe masa ko kobo.

Aikin gida

Wata Hajiya ta ba da ginin katanga da ɗakin mai gadi a Mile 12 a kan naira 8,000,000, da riƙon kashi 5 cikin 100. Awon farko ya ba da naira 3,000,000, awo na biyu ya nuna jimlar aiki ta kai naira 6,000,000.

1. Nawa za a biya a karon farko?
2. Nawa za a biya a karo na biyu? Ka gwada amsarka ta hanyar haɗa abin da aka biya da abin da aka riƙe.
3. Nawa zai rage a hannun Hajiya bayan an miƙa aiki an saki rabin riƙon?
4. An miƙa aikin ranar 10 ga Fabrairu, jiran kuma wata 6 ne. A wace rana wa'adi zai cika?