Shawara kafin ka biya kuɗin fili

Jama'a, duk mai shirin sayen fili, kada ya miƙa kuɗi sai ya riƙe takardar mallaka ya taka filin da ƙafarsa. A je da ma'aunin fili, a duba turakun kusurwa huɗu: tsawo da faɗin da aka rubuta a yarjejeniya su yi daidai da na taswira da kuma abin da ke ƙasa. In takarda ta ce ƙafa 100, awo ya ba da 90, a tsaya nan. A kira maƙwabta su nuna iyakarsu a gaban shaidu.

Inda aka fi shan wahala shi ne ikon mai sayarwa. Sunan da ke takardar mallaka ya zama shi ne na katin shaidarsa. In wakili ne, ya kawo takardar wakilci, kai kuma ka nemi mai filin ka ji daga bakinsa. Filin gado kuwa, wallahi sa hannun babban wa kaɗai ba ya wadatarwa. A ga takardar rabon gado, ko duk magada su sa hannu.

Sannan a bincika a ofishin filaye ko an jinginar da filin, bayan ciniki kuma a yi rajistar sauya suna. Rasit shaidar biya ne kawai, ba ya mayar da fili sunanka.